Jarrabawa ko intabiyu a wani gari: ƙarfe nawa za ka bar Legas?

Abin da ya fi makarar da mutum a hanyar jarrabawa shi ne lissafi daga gaba. Mutum zai ce daga Legas zuwa Ibadan awa biyu ne, jarrabawa ƙarfe tara ce, to idan na fita shida ai na isa da sauran lokaci. Awa biyun nan lokacin da tayar mota ke gudu a kan kwalta ne kawai. Babu fitowa daga unguwa a cikinta, babu zaman jiran mota ta cika, babu shiga gari, babu neman zauren da aka tura ka. Lissafin da ke aiki daga baya ake fara shi, daga lokacin da dole a gan ka a wurin, kana cirewa mataki mataki har ka iso ƙofar ɗakinka a Agege ko Idi Araba ko Alaba Rago. Lokacin da ya fito a ƙarshe shi ne lokacin tashinka, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba.

Lokacin da za ka fara lissafi daga kansa

Ɗauko takardar gayyata ko silif ɗin da ka buga, ka karanta ta da kyau har ƙasa. Sau da yawa lokaci biyu ne a jiki: na fara jarrabawa da na tantancewa. Na tantancewar shi ne naka. A jarrabawar da ake yi a kwamfuta sai an duba sunanka, an ɗauki zanen yatsa, an ba ka lambar kujera kafin ka shiga, kuma wanda ya zo bayan an rufe wannan layi yakan tarar maganar ta ƙare ko da ba a fara rubutu ba. A jarrabawar JAMB ta 2025 an buƙaci 'yan zangon farko su hallara ƙarfe 6:30 na safe alhali takwas za a fara. Idan takardarka lokaci ɗaya kawai ta nuna, ka ɗauka cewa awa ɗaya kafin shi ake son ganinka in jarrabawa ce, rabin awa zuwa minti arba'in in intabiyu ce, domin a manyan ma'aikatu sai ka rubuta suna a get, an duba jaka, wani lokaci har a kira na ciki ya tabbatar da kai.

Ka kuma sake duba silif ɗin kwana biyu kafin ranar. Ana sauya cibiya, ana sauya zango, kuma saƙon yakan shigo ta imel ko ta waya a lokacin da mutum bai sa rai ba.

Misali: daga Agege zuwa Jami'ar Ibadan

A ɗauka ɗalibi yana zaune a Agege, yana da jarrabawa a Jami'ar Ibadan ranar Talata ƙarfe 9:00, tantancewa 8:00. Ga yadda za a ja lissafin baya.

Ana son ya tsaya a bakin zauren ƙarfe 7:30, rabin awa kafin tantancewa, don ya shiga bayi, ya sabunta alwala, ya ajiye waya da jaka inda aka ce, hankalinsa ya dawo jikinsa. Jami'ar nan gari guda ce, kuma baƙo ba ya gane gini da tambaya ɗaya. A ba shi minti ashirin daga babban get zuwa zaure, ya zama 7:10 a get.

Motocin Legas galibi a tashar Iwo Road da ke cikin Ibadan suke juye fasinja, wasu su wuce har Ojoo. Daga Iwo zuwa get ɗin jami'a da safe, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata ke fitowa, a ware minti arba'in, har da neman ƙaramar tasi ta Maikira da jiran ta cika. Ke nan dole ya sauka a Iwo 6:30.

Babbar hanyar Legas zuwa Ibadan wajen kilomita 127 ce. Idan hanya sarari, daga tashar Berger da ke bakin fita Legas zuwa Iwo awa ɗaya da rabi ne zuwa awa biyu. A rubuta biyu, sannan a ƙara awa ɗaya cur ta ko-ta-kwana. Wannan awar tana da dalili: hanyar nan ita ce babbar ƙofar fita daga Legas, tireloli da tankokin mai suna cike da ita dare da rana, kuma tirela ɗaya ta kife a Doguwar Gada ko a Ogere ta isa ta tsayar da kowa. A kan Doguwar Gada babu kwanar da direba zai bi ya zagaye, sai dai a zauna har a ja motar. Awa uku ke nan, don haka motar ta bar Berger ƙarfe 3:30.

Sai jiran mota ta cika, minti arba'in da biyar, ya zama 2:45. Daga gida zuwa Berger rabin awa, ya zama 2:15 na dare.

Idan lissafi ya kai ka nan, ya riga ya ba ka amsa. Ƙarfe biyun dare babu motar kirki da ke lodi, babu abin da zai kai ka tasha cikin kwanciyar hankali, kuma lokacin ne 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya ta bogi, ke farauta. Ko da ka isa lafiya, wanda bai yi barci ba ya riga ya zubar da maki tun kafin a raba takarda. Ƙa'idar da muke bi ita ce: duk lissafin da ya sa ka bar gida kafin sallar asuba, tafiyar ta koma ta kwana. A Legas asuba tana faɗawa ne tsakanin biyar da 'yan mintuna zuwa kusan shida saura, gwargwadon watan da ake ciki. Kada ka gyara lissafin ta hanyar cire awar ko-ta-kwana don lambar ta yi kyau a takarda. Mutane da yawa a nan suke yaudarar kansu.

Yanzu a canza abu ɗaya: jarrabawar ƙarfe 1:00 ce ta rana, tantancewa 12:00. Bakin zaure 11:30, get 11:10, Iwo 10:30, mota ta tashi 7:30, kana tasha 6:45, ka bar gida 6:00, domin da safe daga Agege zuwa Berger yakan ci minti arba'in da biyar. Wannan tafiya ce mai yiwuwa a yini ɗaya. Ka yi asuba, ka karya, ka fita. Wani abu ma yana taimaka maka: da safe cunkoson yana ɓangaren masu shigowa Legas ne daga Mowe da Ibafo da Magboro, kai kuwa fita kake yi. Sai dai idan nasu ɓangaren ya cushe sosai, wasu direbobi kan tsallako su bi hannun da ba nasu ba, su toshe naka, shi ya sa awar nan ba ta taɓuwa.

Zaman tasha

Babu ɓangaren lissafin da ya fi wuyar kamawa kamar wannan, domin motar haya ba agogo take bi ba, kujera take bi. Ɗan kamasho zai ce maka “saura mutum biyu, Alhaji, yanzu za mu tashi” tun motar tana da mutum huɗu. Kada ka biya sai ka leƙa da idonka. Ƙirga kujerun da babu kowa, sannan ka dubi waɗanda ke zaune. Mutumin da ke zaune babu jaka, babu ko leda, yana hira da kwandasta kamar sun saba, da wuya ya zama matafiyi. Ana zaunar da irinsu don motar ta yi kama da ta kusa cika, kuma da fasinjan gaske ya shigo sai ɗaya ya zame ya fita. Idan ka ga ana shiga amma kujeru ba sa raguwa, sauka ka nemi wata.

Girman mota yana da tasiri kai tsaye. Siyena mai mutum shida ko bakwai takan cika cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin da safe, bas mai mutum goma sha huɗu ko sha takwas kuwa tana iya cin awa ɗaya, musamman bayan tara na safe da fasinja ya yi sauƙi. Ranar jarrabawa bambancin kuɗin da ke tsakaninsu bai kai abin da za ka yi asara ba. Idan saura kujera ɗaya tak kuma lokaci yana tafiya, biyan kuɗin kujerar, kai kaɗai ko ku haɗa da wani, ya fi zaman jira. Ka riƙe tsabar kuɗi saboda haka, domin tiransifa takan maƙale a lokacin da ake gaggawa.

Ka shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwa a takarda. Motar bakin titi tana da araha, amma tana tsayawa a kowace mahaɗa tana ɗiba tana saukewa, kuma ba ka san hannun da ka faɗa ba. Haka kuma kada ka sa acaba a lissafinka na isa tasha. Tun 2022 aka hana shi a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja, Surulere, Mushin, Oshodi-Isolo da Kosofe, inda Ojota take.

Idan tafiyar ta koma ta kwana

Nan ma akwai lokacin da ya dace. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ce tunda gobe ce jarrabawa, bari in tashi daga kasuwa ko wurin aiki tukun, sai ya isa Berger ƙarfe biyar na yamma. Daga wajen ƙarfe huɗu duk masu aiki a Legas da ke kwana a Ogun suna kan hanyar komawa, kuma daga Berger zuwa gadar Kara zuwa Mowe a wannan lokaci tafiya ce ta jan ciki. Za ka shiga Ibadan cikin duhu kana neman masauki a garin da ba ka sani ba.

Ka bar gida tsakanin tara da goma na safe, cunkoson cikin gari ya lafa, ka sauka Ibadan wajen azahar. Abin da za ka yi da yammacin nan shi ne ainihin ribar zuwa da wuri: ka ajiye kaya, ka shiga mota ka je har wurin jarrabawar, ka ga ginin da idonka, ka tambayi mai gadi ta wace ƙofa ake shigar da masu jarrabawa kuma ƙarfe nawa ake buɗe ta. Ka duba agogo a tafiyar, abin da ta ci da yamma ka ƙara masa rabinsa don safiya. Wanda ke da ɗan'uwa a Sabo, unguwar Hausawa da ke kusa da Mokola, ko a Sasa ta wajen Ojoo, ya samu sauƙi, domin duka biyun ba su da nisa da jami'ar. Amma ka sanar da mai masaukinka tun kwana biyu, kuma ka faɗa masa ƙarfe nawa za ka fita da safe, kada a kulle get da kai a ciki ko a tsare ka da jiran karin kumallo.

Ranakun da lissafin yau da kullum ba ya aiki

Kafin ka tsayar da rana, dubi kalanda. A kan wannan hanya akwai manyan wuraren taron addini, mafi girmansu sansanin cocin Ridim da ke bayan Mowe. Suna taron dare a Juma'ar farko ta kowane wata, da babban taro na kwanaki a Agusta da wani a Disamba. Yammacin Juma'ar mutane na tururuwar shiga, asubar Asabar suna fitowa. Idan tafiyarka ta faɗa a nan, ka wuce wurin kafin azahar ta Juma'a.

Makon da ke gaban Babbar Sallah kuwa mu muka fi kowa sanin yadda Kara take zama: tirelolin raguna da shanu daga arewa suna sauke kaya, masu saye sun jera motoci a bakin titi, gadar ta tsaya cik. A irin wannan mako awar ko-ta-kwana ta zama biyu. Haka kwanakin ƙarshen Disamba. Da damina, musamman Yuni da Yuli, ruwan asuba ɗaya yana ninka lokacin fita daga unguwa. Sannan idan jarrabawar ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ka tambayi mutumin garin ko ana tsaftar muhalli, domin akwai jihohin da ke tsayar da zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe, irin yadda ake yi a Kano.

Jirgin ƙasa

Tun 2021 jirgin Legas zuwa Ibadan yake aiki, daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta, ya tsaya a tashar Babatunde Fashola a Agege da ta Wole Soyinka a Abeokuta, ya ƙare a tashar Obafemi Awolowo da ke Moniya. Tafiyar wajen awa biyu da rabi ce, kuma goslo ba ya shafarta. Ga mai tafiyar kwana, musamman mazaunin Agege, ya fi mota kwanciyar hankali. Amma jirgin safe wajen takwas yake tashi, don haka ba zai kai ka jarrabawar tara ba, kuma Moniya tana bayan gari ta arewa, sai ka ƙara minti arba'in zuwa jami'a. Ga jarrabawar ƙarfe ɗaya zai iya isar da kai, sai dai da ƙyar, kuma idan ka rasa shi babu wani a bayansa nan kusa. Ka tabbatar da jadawalin ranar, ka yanki tikiti tun da wuri, ka riƙe katin shaida, ka isa tasha minti arba'in da biyar kafin tashi.

Idan Abuja ce

A ɗauka intabiyu ce ranar Talata ƙarfe 10:00 a tsakiyar Abuja. Hanyar ta haura kilomita 700, ta Ibadan, Ife, Akure, Owo, Okene, Lokoja, Abaji, Gwagwalada. Da shingayen bincike, da tsayawar cin abinci da salla, da wuraren da kwalta ta lalace, ka rubuta awa goma sha biyu zuwa sha huɗu. Motocin kamfani da ke lodi a Jibowu sukan tashi tsakanin shida da bakwai na safe, kuma motar farko ita ce abin nema, domin ita ce ta fi cika da wuri, ita ce kuma ke wuce tsakanin Okene da Lokoja da sauran rana. Ka yanki tikitinta tun jiya.

Motar Litinin da safe za ta sauke ka a Utako ko Jabi tsakanin shida na yamma da tara na dare idan komai ya tafi daidai. Hakan ya wadatar, amma ba shi da madadi: idan motar ta lalace a Owo, ko tirela ta toshe gadar Koton Karfe, sauran lokacinka daren nan ne kaɗai. Ga aikin da ka daɗe kana nema, tashin Lahadi ya fi, ko da zai ci maka kuɗin kwana ɗaya. Motar dare da za ta sauke ka da safiyar Talatar ba ma ba da shawararta ko kaɗan. Bayan haɗarin hanya da dare, jinkirin awa biyu kacal ya isa ya kashe maganar, kuma za ka shiga gaban masu tambaya da kaya a yamutse da jajayen idanu.

Inda za ka kwana a Abuja shi ma lissafi ne. Wanda ya kwana a Mararaba ko Nyanya yana iya cin awa biyu kafin ya shiga gari da safe, don haka ya fita shida da rabi ko da intabiyun ta goma ce.

Jirgin sama awa ɗaya da 'yan mintuna ne, shi ya sa yake ruɗar mutane su yanki na safiyar ranar. Jirgin bakwai zai sauka takwas da kwata, a fito da kaya, sannan kusan kilomita 40 zuwa cikin gari, ka isa tara da rabi idan ba a yi jinkirin ko minti talatin ba. Wannan caca ce. Ka yanki na ranar da ke gabanta, kuma na safe ko na rana, domin jirgi ɗaya ne ke zagaya garuruwa, duk jinkirin da ya tara tun safe a kan jirgin yamma yake sauka, kuma idan an soke na safe kana da sauran jirage a ranar. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana rage gani har a hana sauka, musamman a filayen arewa kamar Kano da Sakkwato da Maiduguri, don haka a wannan lokaci kwana biyu ya fi dacewa ga mai zuwa can.

Lokacin sauya shawara

Bayan lokacin tashi, akwai wasu lokuta biyu da ya kamata ka rubuta a bayan silif ɗinka tun kana gida. Na farko shi ne lokacin da za ka haƙura da motar da kake ciki. A misalin jarrabawar ƙarfe ɗaya, idan 7:45 ta yi motar ba ta motsa ba, ka sauka ka shiga ƙarama ko ka biya sauran kujerun. Dalilin rubuta shi tun farko shi ne wanda ya riga ya biya kuɗi yakan ci gaba da zama yana cewa saura kaɗan har awarsa ta ko-ta-kwana ta ƙare a cikin tasha, alhali don hanya aka ware ta.

Na biyu shi ne lokacin kiran waya. Idan intabiyu ce kuma ka ga za ka makara, ka kira lambar da ke jikin takardar gayyata awa ɗaya kafin lokacin, ka faɗi sunanka, inda kake, da lokacin da kake sa ran isowa. Sau da yawa sukan mayar da mutum ƙarshen layi idan ya sanar da wuri. Jarrabawar kwamfuta ba ta da wannan sassauci, shi ya sa lissafinta ya fi tsauri.

Don gwada lissafinka, buɗe Google Maps kwana biyu kafin tafiya, ka sa inda za ka, ka zaɓi “Set depart or arrive time”, ka sa ranar da lokacin isowa. Zai ba ka lokaci biyu, gajere da dogo. Ɗauki dogon, ka tuna kuma lissafin motar gida yake yi, bai san zaman tasha ba, bai san direba zai tsaya shan mai da fasinja a ciki ba. Da safiyar tafiya ka sake dubawa kafin ka fita. Idan daga Berger zuwa Mowe ya yi ja wur, akwai hanyar Ikorodu zuwa Sagamu, akwai kuma ta Epe zuwa Ijebu Ode zuwa Ibadan wadda ta fi dacewa da mazauna Ajah da Lekki. Ga mutumin Agege kuwa, a irin wannan rana jirgin ƙasa na safe ya fi duk wata hanyar zagaye, muddin akwai sauran tikiti.

Daren tafiya ka haɗa silif kwafi biyu, katin shaida, takardun asali a cikin leda saboda ruwa, da tsabar kuɗin da za su isa motar biyu idan ta farko ta lalace a hanya. Ka cika waya da caji, ka rubuta adireshin wurin da lambar mai masaukinka a takarda. Kayan intabiyu kuwa a goge su a ninke cikin jaka, a sa su a masauki ko a masallacin da ke kusa da wurin.